Rijistar albashin ƙarshen wata ta bar mini ragowar naira 8,000

Assalamu alaikum. Ni ke riƙe da littafin kuɗi na wani injin casar shinkafa a Kura, kuma kwana uku ke nan wani lissafi ya hana ni sakat.

Leburorinmu ranar Asabar ake biyansu, jimlar kuɗinsu naira 48,000 kowace ranar aiki. Watan jiya ya ƙare ranar Laraba, don haka na rubuta kuɗin kwana uku, naira 144,000, a matsayin kashe-kashen albashi, na kuma sa shi a asusun bashin albashi. Ranar ɗaya ga wata na juya rubutun, bashin ya koma sifili.

Da Asabar ta zo sai muka biya naira 280,000 maimakon 288,000, domin mutum biyu ba su zo ranar Talata ba, takardar halarta kuma ba ta iso hannuna da wuri ba. Yanzu sabon wata yana nuna 136,000, alhali aikin kwana ukunsa 144,000 ne, watan jiya kuwa ya ɗauki ƙarin 8,000.

Malamai, in bar shi ya wanke kansa a wannan watan, ko in koma in gyara watan jiya? Abin da ya dame ni, na riga na miƙa wa Alhaji rahoton.