Tambaya kan lambar kaya idan an sauya musu rukuni

Ina neman shawarar waɗanda suka saba da tsara rajistar kaya, domin na yi makonni ina fama da wata matsala. Lokacin da kayanmu ba su wuce iri 300 ba, na ba kowanne lamba mai ɗauke da harufan rukuninsa, misali LAN-0042 ga kayan lantarki da FAM-0017 ga kayan famfo, kuma tsarin ya yi aiki lafiya.

Yanzu sun haura iri 2,000, kuma an samu kayan da suka dace da rukuni biyu. Injin tura ruwa mai aiki da lantarki shi ne ya tona asirin lamarin: wani ma'aikaci ya neme shi a ƙarƙashin FAM bai gan shi ba, sai ya buɗe masa sabuwar lamba, alhali yana nan a LAN. A ƙidayar ƙarshen wata rajista ta nuna guda 6 a wuri ɗaya da guda 4 a wani wurin, har muka sayo ƙari ba tare da bukata ba.

Na yi tunanin komawa lambar jeri zalla, kamar 100042, a bar rukuni a ginshiƙinsa daban, amma tsofaffin lambobin suna manne a jikin kaya da cikin rasitai. Shin in ajiye su a matsayin lambar laƙabi da bincike zai riƙa kamawa? Sannan idan na haɗe lambobi biyu na abu ɗaya, yaya zan yi da tarihin shige da ficen wadda aka soke?