Kauru ko Kaura, Sale ko Sule? Takardar gonar kakanmu ta ɗaure mana kai

Maman Hanif, Unguwar Rimi: Jama'a, wa ya taɓa fama da tsohon rubutun hannu? Mun tsinci takardar cinikin gona ta 1964 a adakar kakanmu. Harafin ƙarshe na sunan garin ya ƙi karantuwa, ko Kauru ne ko Kaura. Wanda ya sayar kuma ko Sale ko Sule.

Ɗan Rigasa: Hajiya, Sule ne. Sule ya fi yawa. Garin kuma ba Ƙauran Namoda ba ne?

Malam Tsoho, Tudun Wada: A'a ɗana, ba a yanke suna da yawa. Na yi shekaru ina juya tsofaffin fayiloli a gidan adana takardun tarihi na nan Kaduna, kuma marubucin takarda shi ke warware rubutunsa. 'Yata, nemi kalmomin da babu shakka a kansu, irin "gona" da "shaidu", ki ga yadda yake rufe kan harafin a, da yadda yake barin harafin u a buɗe. Tunda kafin naira ne, a 1973 ta zo, kuɗin fam da sule ne. In ya rubuta "sule" a wurin kuɗi, ki jera shi da sunan mutumin. Garin kuwa, dubi ƙauyukan shaidu. Kaura tana can wajen Kagoro da Manchok, Kauru tana ɓangaren Lere.

Maman Hanif: Baba, na duba. Shaida na biyu "na Geshere" aka rubuta.

Malam Tsoho: To Kauru ke nan, Geshere a ƙasarta take. Shaida ɗaya bai isa a rantse ba, don mutum kan yi tafiya, amma gona maƙwabta ake kira su shaide ta.

Anti Ladi, Kakuri: Ni tawa ta fansho ce. An kwafe sunan mahaifinmu "Andu" daga tsohon kati, alhali Audu ne, u ta koma n. Wata takardar kuma Abdu. Sai da muka yi rantsuwa a kotu.

Ɗan Rigasa: Ku ɗauki hoto ku ƙara girmansa mana.

Maman Hanif: Na yi, ƙanena, tawadar ce ta baje. Kuma Baba, "fam goma da sule biyar" ya rubuta, amma u ɗin nan ma rabi a rufe take, ba ta da maraba da ta sunan.

Malam Tsoho: Hakan ya ɗan karkata ga Sule, sai dai mai gaggawa harafin a da na u ɗinsa kan zama ɗaya. Kada ki gyara komai a jikin takardar. A kwafinki rubuta duka biyun, ki nemi rasit ɗin haraji ko dattijo a gidan dagaci. Ki tambaya har da laƙabi, wataƙila Tanko garin suka san shi.

Maman Hanif: Kawunmu zai je Kauru ranar Asabar, na ba shi hoton.