Muhawara: Ko ƙarin mita 650,000 ya isa ya haɗa shiyya ta 32 da ta 33?

Abdu: Assalamu alaikum. Na auno kwaruruka da GPS daga Gudumariya har kilomita 30 gabas da Maine-Sorowa, kuma ina kan hanya na'urar ta koma 33P daga 32P, wato ta bar shiyya ta 32 ta shiga ta 33 a tsarin UTM, wanda ke raba duniya shiyya-shiyya don ba wa wurare lambobi a taswira. Wani abokin aiki ya ce ba sai na wahala ba, in ƙara mita 650,000 a kan lambar gabas ta kowane wuri da ya faɗa shiyya ta 33, in bar lambar arewa yadda take. Na gwada da wuri ɗaya a bakin Maine, ya zauna kusan daidai. Shin wannan hanya tana da inganci?

Sani: Wa alaikumus salam. Ni ban ga laifinta ba. Layin digiri 12 na gabas shi ne iyakar shiyyoyin biyu, kuma garin Maine kusan a kansa yake zaune. A wannan yanki, wurin da ke kan layin yana da lambar gabas kusan 825,000 a shiyya ta 32, da kusan 175,000 a shiyya ta 33, lambar arewa kuwa ɗaya ce a duka biyun. Bambancin ke nan 650,000, kuma gwajin da ka yi ya tabbatar da shi.

Malam Isufu: Sani, lissafinka gaskiya ne, amma a kan layin kaɗai, kuma a tsayi ɗaya kaɗai daga kudu zuwa arewa. Abdu ya yi gwajinsa ne a wuri guda da wannan dabara ba za ta kunyata shi ba. Kowace shiyya tana da layin tsakiyarta, digiri 9 ga ta 32 da digiri 15 ga ta 33, kuma a kan wannan layi ne kawai arewar taswira take dacewa da arewa ta gaskiya. Duk yadda aka nisance shi, sai ta karkata. A Maine, wajen digiri 13 na arewa, karkatar ta kai kusan digiri 0.7, kuma da yake garin yana gabas da tsakiyar shiyya ɗaya, yana yamma da tsakiyar ɗayar, kowacce ta karkata ne zuwa nata ɓangaren. Tsakaninsu akwai kusan digiri 1.4. Wanda ya ƙara lamba kawai ya matsar da takardar ne, bai juya ta ba.

Ga abin da hakan yake haifarwa a ƙasa. Idan ka yi tafiyar kilomita 10 gabas da layin, lambar arewa a shiyya ta 32 za ta ƙaru da kusan mita 120, ta shiyya ta 33 kuma za ta ragu da kusan mita 120, wato kuskuren mita 240 ga wanda ya bar lambar yadda take. Kwarin Abdu na ƙarshe, mai nisan kilomita 30, zai sauka kusan mita 720 kudu da inda yake, kuma ƙaramin kwari yana iya faɗawa gaba ɗaya a kan tudun rairayin da ke maƙwabtaka da shi. Haka nan idan aka bi layin zuwa arewa, shi kansa 650,000 ɗin yana raguwa da kusan mita 240 a kowane kilomita 10.

Hanyar da ta dace ita ce a mayar da lambobin zuwa digiri, sannan a sake lissafa su a shiyyar da aka zaɓa, kuma manhaja tana yin duka biyun a mataki ɗaya:

```
ogr2ogr -s_srs EPSG:32633 -t_srs EPSG:32632 sabo.gpkg tsoho.gpkg
```

Kafin haka sai ka raba wuraren gida biyu bisa shiyyar da aka ɗauke su, domin lambobin kansu ba sa ɗauke da sunan shiyya.

Hajiya Mariyama: Ni ban ƙara komai ba, amma na sha wahalar da ta fi wannan. Na shigar da jerin rijiyoyi a manhajar taswira ta QGIS, na canza shiyyarsu zuwa 32 a cikin bayanan fayil ɗin, sai rijiyoyin wajen Difa suka bayyana can yamma da Maraɗi. Tun daga ranar na daina yarda da sauya shiyya, ina yin taswira biyu, kowace shiyya da tata.

Malam Isufu: Hajiya, abin da kika yi canza suna ne, lambobin ba su motsa ba. Kin gaya wa manhajar cewa lambobin shiyya ta 33 na shiyya ta 32 ne, ita kuwa ta gaskata ki, ta kwashe su digiri 6 zuwa yamma, kusan kilomita 650. Umarnin da ake bukata shi ne `native:reprojectlayer`, wanda yake sake lissafa lambobin, ba `native:assignprojection` ba. Wannan kuskure ma yana da sauƙi, domin yana bayyana kansa a fili. Na Abdu ne ya fi ba ni tsoro, saboda taswirar za ta fito kamar lafiya lau, ba wanda zai lura sai an ɗora ta a kan hoton tauraron ɗan Adam an ga cewa gocewar tana ƙaruwa yayin da ake matsawa gabas.

Sani: Na karɓi gyara a kan karkatar, Malam. Amma a wajena Hajiya tana da hujja. An yi kowace shiyya ne don faɗin digiri 6, saboda haka wanda ya ja wuraren shiyya ta 33 zuwa ta 32 ya fitar da su daga inda awonsu yake daidai, kuma aikin Abdu awon hekta ne.

Malam Isufu: Babu inda awon yake daidai a faɗin shiyya gaba ɗaya, kuma iyakar ba katanga ba ce. A nan Damagaram, da muke kusan a kan digiri 9, kilomita ɗaya na ƙasa yana fitowa mita 999.6 a taswira. A kan layin digiri 12 ya zama kusan mita 1,000.9, kuma haka yake a shiyyoyin biyu. A kilomita 30 gabas da layin, shiyya ta 32 tana ba da kusan 1,001.2, ta 33 kuma kusan 1,000.7. Bambancin santimita 50 ne a kilomita, kuma kwari mai hekta 100 zai fito kusan hekta 100.2. GPS ɗin hannu da aka kewaya kwarin da shi yana da kuskuren mitoci, wanda ya fi wannan nesa ba kusa ba. Tun da mafi yawan yankin yana cikin shiyya ta 32, a tattara komai a can. Wanda ko wannan ƙarin bai yarda da shi ba, ya yi amfani da `$area` a QGIS, wanda yake lissafi a kan siffar duniya idan an saita ta a cikin aikin, maimakon `area($geometry)` mai lissafi a kan shimfiɗaɗɗiyar taswira.

Sani: To me zai hana a ƙirƙiri tsari na musamman mai layin tsakiya a digiri 12, yankin ya zauna a tsakiyarsa? Ƙarin zai kusan ɓacewa.

Malam Isufu: Ta fuskar lissafi kana da gaskiya, kuma na taɓa yin haka. Matsalar ta zo ne lokacin miƙa aikin, domin waɗanda suka karɓa sun ga lambobi masu kama da na UTM, suka buɗe su a shiyya ta 32, komai ya goce. Tun daga nan ba na yinsa sai aikin da ba zai bar hannuna ba.

Sani: Wannan sakacin mai karɓa ne, Malam, tsarin ba shi da laifi. Ni dai a yanki irin na Termit, wanda ya miƙe nesa a ɓangarorin layin biyu, shi zan zaɓa.

Abdu: Na gode, Malam. Na sauya wuraren da umarnin, na kwatanta da tsohon lissafina, kuma kwarin ƙarshe ya koma arewa da mita 700 da wani abu, ya hau kan itatuwan dabinon da ake gani a hoto. Sai dai akwai wurare bakwai da na rubuta a littafi ban sa shiyyarsu ba.

Hajiya Mariyama: Duba lambar gabas, ɗana. A yankinka, duk wadda ta haura 700,000 ta shiyya ta 32 ce, wadda ba ta kai 250,000 ba kuwa ta 33 ce.