KO da PEP sun tsallake gwajin Engle-Granger, amma kasuwa tana cinye ni

Salam 'yan'uwa, abin nan ya ishe ni. Ina cinikin hannun jarin Coca-Cola da PepsiCo tare, wato KO da PEP, in tazarar farashinsu ta buɗe sai in sayar da wanda ya hau in sayi wanda ya sauka. A Python na ɗauko farashin rufewa na shekara biyar, `coint` na statsmodels ya ba ni p ƙasa da 0.05, na cire beta da OLS, ina shiga idan z ya wuce 2, in fita idan ya dawo 0.5.

A gwajin tsofaffin bayanai riba kamar me. Amma da na lura beta da matsakaicin duk daga shekara biyar ɗin suka fito, wato lissafin yana leƙen gaba, sai na koma tagar kwana 60, shi ke nan komai ya watse, z ya kai 2 in shiga, ya zarce 3, daga baya ya dawo sifili ba don farashin sun haɗu ba, matsakaicin ne ya bi tazarar. In rufe da asara. Na faɗaɗa zuwa kwana 250, yanzu p ɗin ke tsalle tsakanin 0.03 da 0.4.

Don Allah da wane ma'auni kuke gane alaƙar ta karye ne, ba tagar ce ta yi gajarta ba?