Manhajata ta kasa kaiwa ga rumbun bayanai na RDS

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masana, ina neman taimakonku. Manhajata tana kan sabar ofishinmu, rumbun bayananta na PostgreSQL kuwa yana kan Amazon RDS. Kwana uku ke nan haɗin yana tsayawa shiru har wa'adin daƙiƙa 30 ya ƙare da `Connection timed out`, alhali daga kwamfutata ta gida yana shiga nan take. Wannan shirun ya sa nake zargin katangar tsaro ce ke zubar da saƙon, domin kuskuren kalmar sirri da amsa yake dawowa. Na saka adireshin ofis cikin `security group` a kan ƙofa 5432, abin bai sauya ba. Shin ta yaya zan tabbatar da adireshin da sabar take fita da shi, kuma ta yaya zan bambance toshewar ofis da ta RDS?