Neman shawara: rasit ya ce Ltd, takardar rajista ta ce BN, wa zan bi bashi?

Baban Sadik: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina sayar da waken suya a Dawanau. Wani yana son kayan naira miliyan 6 bashi na wata biyu. A rasit ɗinsa an rubuta "Wane & Sons Global Ventures Nig. Ltd", amma takardar hukumar rajistar kamfanoni, CAC, da ya turo mini lambarta da BN ta fara. Ya kuma ce shi da ƙaninsa ke da harkar. To kamfani ne, ko haɗin gwiwa, ko nasa ne shi kaɗai? Idan kuɗi ya maƙale, wa zan riƙe?

Ɗan Kwari: Wa alaikumus salam. Alhaji, "& Sons" kaɗai ya ishe ka amsa, ai harkar gida ce ta uba da 'ya'ya, haɗin gwiwa ke nan. Tunda kuma akwai Ltd a ƙarshe, hankalinka ya kwanta, gwamnati ta san da zamansu.

Barista Hauwa: Ɗan Kwari, ka yi haƙuri, ban yarda da rabin farko ba, na biyun kuma shi ne wurin da ya kamata Alhaji ya tsaya ya duba da kyau. "& Sons", "Ventures", "Enterprises", "Global", duk ado ne. Saurayin da ko aure bai yi ba yana iya rajistar "& Sons". Abin da doka ta ɗaure shi ne wutsiyar suna: Limited ko Ltd, Plc, da kuma LP da LLP, nau'o'in haɗin gwiwa masu rajista waɗanda dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020 ta shigo da su. Kamfanin da aka kafa shi a matsayin Ltd lambarsa RC ce. BN kuwa rajistar sunan kasuwanci ce kawai, ba a ba ta Ltd. Saboda haka takardun nan biyu ba za su zama gaskiya a kan abu ɗaya ba. Ko dai mutumin yana da rajista biyu, tsohuwar BN da sabon kamfani, ya turo maka tsohuwar, ko kuma mai buga rasit ne ya ƙara masa Ltd don kwalliya, wanda laifi ne a doka.

Yallaɓai, ka shiga shafin binciken CAC na jama'a, kyauta ne, ka rubuta sunan. Ka duba abu uku: ko sunan ya fito harafi da harafi yadda yake a rasit, ko RC ne ko BN, da ko an rubuta ACTIVE ko INACTIVE. Kada ka dogara da lamba ita kaɗai, ka haɗa ta da sunan.

Baban Sadik: Na duba yanzu, Barista. Ya fito ba Ltd, BN ne, kuma INACTIVE. Wato an rufe shi?

Barista Hauwa: Ba lallai ba. Galibi INACTIVE na nufin bai shigar da rahoton shekara ba, kuma masu wannan sakacin suna da yawa a kasuwa. Alama ce ta yadda yake riƙe takardu, ba hukuncin cewa ɗan damfara ne ba.

Yanzu ga inda sunan ba zai taimake ka ba ko kaɗan. BN ɗaya ce ake ba mai kasuwanci shi kaɗai, ita ce kuma ake ba mutum biyu ko biyar da suka haɗa jari. Daga kallon satifiket ba za ka raba su ba. Sai ka ce ya ciro maka takardar da ake kira Status Report, sabuwa ba ta bara ba, ka nemi wurin da aka rubuta Proprietor. Suna ɗaya, nasa ne shi kaɗai. Biyu ko fiye, haɗin gwiwa ne. Da kamfani ne, ba za ka ga wannan ba, daraktoci za ka gani da masu hannun jari da adadin hannun kowa.

Amfanin sanin shi ne ranar rigima. Idan shi kaɗai ne, doka ba ta raba shi da shagonsa ba, bashin miliyan 6 bashinsa ne, kotu na iya kaiwa ga motarsa da filinsa. Idan su biyu ne, bashin da ɗaya ya ciyo da sunan harkar yana kan su duka, har dukiyarsu ta gida. Idan Ltd ne, kamfanin ne ya ci bashi, ba Alhaji Wane ba. In asusun kamfani ya bushe, shi kuma yana yawo da sabuwar mota, ba ka da hanyar taɓa ta kai tsaye, sai in ya sa hannu ya tsaya wa bashin da kansa, ko an tabbatar da zamba, wanda doguwar shari'a ce. Ga mai ba da kaya bashi, BN ɗin nan ba ta fi Ltd haɗari ba.

Ɗan Kwari: To amma Barista, Ltd ai yana da jari a rubuce. Na ga wanda takardarsa ta ce miliyan 10.

Akawu Nura: Wannan lambar ta ruɗi mutane da yawa. Ba kuɗi ba ne a banki, adadin hannun jarin da aka raba ne a takarda, kuma CAC ba ta zuwa ta ƙirga. Mafi ƙarancin da doka ta sa wa kamfani mai zaman kansa naira 100,000 ne, Plc kuma miliyan 2. Wani abin kuma, tun 2020 mutum ɗaya tal yana iya kafa Ltd, shi ne darakta shi ne mai hannun jari. Kada a ɗauka duk inda aka ga Ltd akwai taron mutane a baya.

Maman Ilham: Sannunku da ƙoƙari. Ni ma ina yin turaren wuta ina son rajista, nawa ake kashewa, kuma sai da lauya?

Akawu Nura: Hajiya, taki daban ce, ki buɗe tambaya sabuwa mu amsa miki a can kada ta Alhaji ta ɓace.

Baban Sadik: Ya turo takardar. Sunansa kaɗai ne a wurin Proprietor, babu ƙanin. Asusun da yake turo kuɗi daga ciki kuma na ƙanin ne.

Malam Isa Gusau: Irin wannan ta same ni da takin zamani. Ƙanin wanda na ba bashin ne ya zo ya ɗauki kaya, da lokacin biya ya yi yayan ya ce bai aike shi ba, ƙanin ya ce shi yaron shago ne. Sai da dattawan kasuwa suka shiga, rabi na samu. Ni a ganina wanda sunansa ba ya CAC, ka manta da shi kawai.

Barista Hauwa: Malam Isa, ba haka kai tsaye ba. Haɗin gwiwa yana tabbata ne da yadda mutane ke kasuwanci tare suna raba riba, ko ba su rubuta a ko'ina ba, kuma wanda ya bari ana nuna shi a matsayin abokin tarayya har aka ba da bashi a kan haka, ana iya kama shi. Sai dai nauyin kawo hujja a kanka yake, shi ya sa ba na son Alhaji ya jingina da wannan. A rubuta yarjejeniya da cikakken sunan mutumin yadda yake a katin shaidarsa, a biyo da "mai kasuwanci da sunan kaza" da lambar BN, ba Ltd a ciki. Ƙanin ya sa hannu a matsayin wanda ya tsaya wa bashin, ba shaida ba. A kuma rubuta wanda aka yarda ya karɓi kaya.

Malam Isa Gusau: A takarda haka ne. Amma wanda ya iya buga Ltd na ƙarya a rasit, ni ba zan ba shi buhu ɗaya ba.

Akawu Nura: Wasu wallahi ba su san bambancin ba, gani suke ƙawa ce. Alhaji, tambaye shi tukuna wa ya buga masa rasit ɗin, ka ji abin da zai ce.

Baban Sadik: Na kira shi. Ya ce zai gyara rasit, amma ƙanin ba zai sa hannu ba, wai ba ya son shiga takarda. Na ce to a fara da kayan miliyan 2, sauran sai ya biya. Bai amsa ba tukuna.