Neman kalma: sibin da aka gyara don aiki guda, da 'yar takardar da ke binsa

Malama Hadiza, Agege: Assalamu alaikum. 'Yan uwa a taimaka, lokaci ya ƙure mini. Ranar Asabar zan yi wa matasan unguwarmu bita kan yadda ake tura sibi, wato takardar tarihin karatu da aikin mutum, ga mutanen nan da ke nema wa kamfanoni ma'aikata. Yawancinsu sun gama bautar ƙasa, suna jin Turanci, amma na lura karatun ya fi zama idan da Hausa aka yi. Gobe Alhamis da la'asar zan kai takardar bitar a buga. Inda na maƙale: me zan kira sibin da mutum ya sake wa fasali saboda aiki guda ɗaya tak? Me zan kira gajeren rubutun da ake haɗawa da shi, mai nuna cewa kai ne ka dace? Shi kansa mutumin da ake tura wa ma ban samo masa suna ba.

Ummi, Idi-Araba: Wa alaikumus salam. Anti ai takardar neman aiki ce, ita muka sani tun sakandare.

Hajiya Bilki, Ikeja: A'a Ummi, ba ita ba ce. Takardar neman aiki doguwa ce, mai adireshi biyu a sama, ka roƙi a ɗauke ka. Wadda Malama take nufi layi huɗu ce ko biyar a cikin imel ɗin kansa, kuma ba roƙo take yi ba, hujja take bayarwa. Shekarata tara ina tace masu neman aiki, kuma ita nake fara karantawa kafin na yanke ko zan buɗe sibin. Ni zan ce wasiƙar rakiya, don ba ta tafiya ita kaɗai.

Malam Sani Bazazzage: Kafin a je ga rakiya, shi wanda ake rakawa fa? Wai sibi! Haruffa biyu ne na Turanci, Turancin ma aro ya yi daga Latin, ma'anarsa tafiyar rayuwa. Larabawa sun ce sira, mu kuma mun daɗe da kalmar a bakinmu. Na jima ina cewa a kira shi sirar kai. Wanda aka gyara kuma keɓantacciyar sirar kai.

Auwal, Mil 12: Allah ya gafarta Malam, idan na ce wa yaran kasuwa su kawo sira, tarihin Annabi (SAW) za su ɗauka ina nufi. Ni dai kunyar kalmar nake ji a wannan wurin.

Malam Sani Bazazzage: Matsalarku 'yan Ikko ke nan. Kun zauna cikin danfo da go-sulo har Hausar ta zama rabi da rabi, sai a kawo kalma mai asali ku ce ta yi nauyi.

Baba Tanko, Obalende: Malam Sani, a yi hattara. A nan aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina, kuma ba mu yar da Hausa ba. Mota da tebur da asibiti da kake faɗa a Zariya, a Kufena aka haƙo su? Ni tela ne, bari na faɗi abin da na sani. Riga iri biyu ce: akwai ɗinkin kasuwa da ake ratayewa kowa ya saya, akwai ɗinkin awo da ake gwada mutum kafin a sa almakashi. Abin da 'yata Hadiza take nema sibi ne ɗinkin awo.

Malam Sani Bazazzage: Baba, da girmanka, wannan ai Turancin ne aka juya. Su ma daga tela suka samo tasu kalmar.

Baba Tanko, Obalende: Ban san tasu ba. Tawa na sani, shekara arba'in ina faɗarta a kan keke.

Auwal, Mil 12: Tunda Hajiya tana nan, bari na kawo nawa. Na ga tallar aikin mai kula da sito a wani kamfani a Oregun, ta hannun masu ɗaukar ma'aikata. Suna son shekara uku a aikin sito, iya Excel, difloma babba ko digiri, da wanda yake zaune kusa. Sibi ɗina shafi huɗu ne, shi nake tura wa kowa tun 2021, ko sau ɗaya ba a kira ni ba. Aikin da na rubuta kawai shi ne ina taimaka wa kawuna a kasuwa.

Hajiya Bilki, Ikeja: Ƙanena, taimakon me kake masa? Faɗa mini kamar kana ba wa Baba labari.

Auwal, Mil 12: Idan motar albasa ta iso daga Aliero ni nake ƙirga buhunan da aka sauke, na rubuta na wa da na wa, na ware waɗanda suka fara ruɓewa. Duk Juma'a ina haɗa abin da ya shigo da abin da ya fita. Da a littafi nake yi, shekara biyu ke nan na mayar da shi Excel. Yara shida masu dako ni nake sallamarsu. Shekarata huɗu a kai.

Hajiya Bilki, Ikeja: To ka ga aikin sito kake yi shekara huɗu, amma ka ɓoye shi a bayan kalmar taimako. Ga yadda awon yake, Malama ki ɗauka ya zama misalin bitarki. Ka ajiye tallar a gefe, ka ja layi a ƙarƙashin abubuwa huɗun da suka nema. Waɗannan su za su hau saman shafin farko. Karɓar kaya da ƙirga su, lissafin mako, ware lalatacce, kula da mutum shida, kowanne layinsa, kuma da adadi na gaskiya: buhu nawa a mako, mota nawa a wata. Ka yi amfani da kalmomin da tallar ta yi amfani da su, domin idan sibi suka taru da yawa, da waɗannan kalmomin muke bincike a kwamfuta, wanda bai faɗe su ba sai ya nutse. Makarantar firamare, addini, ƙaramar hukuma da wasannin da kake so, duk ka cire, babu wanda ya tambaya. Shafi huɗun nan ya dawo biyu, ko ma ɗaya.

Abin da ba a yi shi ne ƙari. Idan sun ambaci wata manhajar sito da ba ka taɓa buɗewa ba, kada ka rubuta ta. Tambaya biyu a intabiyu za ta tona ka, kuma mai tacewar ba zai sake tura sunanka ko'ina ba, don kunyar a kansa take sauka gaban kamfanin. Shi ya sa kalmar Baba ta kwanta mini. Tela da yadin da ka kawo yake aiki.

Malama Hadiza, Agege: Hajiya Allah ya saka. Ita wasiƙar fa, me zai ce a ciki?

Hajiya Bilki, Ikeja: Da Turanci zai tura, amma ga ma'anar: “Na ga tallarku ta mai kula da sito a Oregun. Shekarata huɗu ina karɓar kaya da lissafinsu a wurin wani dillalin albasa a Mil 12, shekara biyu daga ciki da Excel. Ban yi aikin kamfani ba tukuna, amma lissafin mako da kula da masu dako shida duk a hannuna suke. Ga sibi ɗina a haɗe, zan iya farawa bayan mako biyu.” Idan a Ketu ko Ojota yake zaune ya faɗa, domin a Legas nisan gida kaɗai yana sa a tsallake mutum. Kun ga bai ɓoye giɓinsa ba, ya faɗe shi a jimla ɗaya ya wuce. Kan imel da sunan fayil kuma kada a bar su haka nan:

```
Subject: Store Officer, Oregun - Auwal
Auwal-Store-Officer-CV.pdf
```

Gwajin da nake yi wa kowace wasiƙa: idan za a iya canza sunan aikin a tura ta wani wuri ba a taɓa sauran ba, to ba ta yi ba.

Ummi, Idi-Araba: Ke nan cancanta ake nunawa. Anti ki sa wasiƙar cancanta mana.

Malam Sani Bazazzage: A nan kam ban yarda ba. Cancanta ta takardu ce, duk mai kwalin ya cancanta. Dacewa ita ce wannan mutum da wannan gurbi. Mutum hamsin za su cancanta, uku su dace.

Hajiya Bilki, Ikeja: Wannan gaskiya ne Malam, dacewa ce kalmar.

Auwal, Mil 12: Shi mutumin kuma ai ejan ne. Akwai wanda ya karɓe mini dubu goma kuɗin fom bara, har yau lambarsa ba ta shiga.

Hajiya Bilki, Ikeja: Saboda haka nake roƙon Malama kada ta rubuta ejan ko dillali. A Legas da an ce ejan, mutum ya tuna na gidan haya, wanda kai ne kake biyansa. Mai nemo ma'aikata na gaskiya kamfanin ne yake biyansa, kuma kamfanonin da ke wannan sana'a Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ce ke ba su lasisi. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗin fom ko na gwajin lafiya kafin a gan ka, ka tsaya. Wannan ma yana canza yadda za ka rubuta masa: ba lauyanka ba ne, gurbi yake son cikewa, sai ka ba shi jimlolin da zai iya maimaita wa kamfanin.

Malam Sani Bazazzage: Mai dalilin aiki, kamar mai dalilin aure. Ga kalma ta gida.

Baba Tanko, Obalende: Tana da daɗi, amma mai dalilin aure ai ɓangare biyu yake karɓar goro.

Malam Sani Bazazzage: Duk abin da na kawo sai an sami abin cewa. Da daga gidan rediyon waje aka ji ta, da tuni an ɗauka.

Malama Hadiza, Agege: Malam ka yi haƙuri, dacewa taka ce kuma ta shiga. Ga abin da zan kai gobe: sibi ɗinkin awo, wasiƙar rakiya, dacewa. Mutumin zan bar shi mai nema wa kamfani ma'aikata, doguwa ce amma ba ta ruɗarwa. Mai dalilin aiki zan faɗe ta da baki na ga yadda yaran za su karɓa. Auwal, ka yarda na yi misali da naka idan na cire suna?

Auwal, Mil 12: Na yarda Malama. Daren nan zan buɗe lissafin na fitar da adadin buhunan.

Malam Sani Bazazzage: Rakiya na yarda da ita. Ɗinkin awo ku je da shi tunda kun fi yawa. Amma sibi ba Hausa ba ce, kuma a ajina sirar kai zan ci gaba da cewa.

Ummi, Idi-Araba: Anti Asabar ɗin ƙarfe nawa ne? Nawa ma shafi uku ne, zan taho da shi.